A duba mini wasiƙar godiya kafin in tura

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya Talata na yi intabiyu na aikin mai fassara labarai a wani gidan rediyo, kuma ina so in tura wa shugaban sashen imel na godiya. Ban tura ba tukuna, a taimaka a duba mini. Ga abin da na rubuta: "Assalamu alaikum. Ina fata wannan sako ya sameku lafiya. Nagode sosai da lokacin ku da kuka bani jiya akan aikin mai fassara. Na samu karuwa kwarai da gaske akan abinda kuka fada min akan shirin manoma. Ina da karfin imani cewa zan zama kadara ga ma aikatar ku. Dan Allah ku taimaka ku dauke ni saboda ina bukatan aikin nan sosai. Ina duba gaba zuwa ji daga gareku. Taku a gaskiya."

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki goge wasiƙar nan ki sake sabuwa, kada kuma ki miƙa wa wani gwanin Hausa ya cika miki ita da karin magana. Ginin yana da kyau: gajeriya ce, ta yi godiya, ta kuma ambaci wani abu da aka tattauna a zaman. Gyara kaɗan take so, irin wanda ba zai kore muryarki daga ciki ba. Na daɗe ina aikin tace rubutu a ɗakin labarai, na kuma zauna cikin masu tantance masu neman aiki, abin da ya fi saurin sa mu ɗaga gira shi ne wasiƙar da ba ta yi kama da mai ita ba. Mutanen nan sun ji bakinki jiya. Idan yau suka ga saƙo da Hausar sankira, sun san ba ke kika rubuta ba, kuma ga mai neman aikin fassara wannan ya fi kuskuren harafi illa.

Mu fara da wanda ba za a yafe ba, wato "na samu karuwa". Ƙaruwa kike nufi, kowa ya sani, amma abin da ke kan takarda daban ne, kuma duk wanda ya yi aiki a ɗakin labarai ya san yadda irin wannan ke zama abin tsokana na mako guda. A hira ta waya tsakanin abokai babu mai damuwa da lanƙwasar haruffa. Ke kuwa aikin rubuta Hausa kike nema, wadda wani zai ɗauka ya karanta kai tsaye a iska, don haka wasiƙar nan jarrabawa ce ta biyu ko ba a faɗa miki ba. Kalmomin da suka rasa lanƙwasa a naki su ne saƙo, ƙaruwa, ƙwarai, faɗa, ƙarfi da ɗauke. "Fada" ba tare da lanƙwasa ba gidan sarki ne. Idan Gboard kike amfani da shi, ki ƙara Hausa a jerin harsunan da ke cikinsa, za ki samu ƙ da ɗ da ɓ. Ki kuma kashe gyaran kalma na kai tsaye kafin ki fara, domin wayar da aka saita da Turanci takan sauya kalmar Hausa zuwa wata aba daban ba tare da kin lura ba.

Amma a wajen bin layi kina sa lanƙwasa akwai inda za ki yi hattara. Kin rubuta "Dan Allah". Kada hannu ya zarce ki sa wa wannan d ɗin lanƙwasa, don ma'anar za ta koma abin da ba ki nufa ba sam. Daidaitaccen rubutunsa "don Allah" ne, ko da yake bakinmu da yawa "dan" yake furtawa.

Sai rabon kalmomi, inda mafi yawan kurakuranki suke, kuma abin mamaki kusan duk a juye kika yi su: kin haɗa abin da ake rabawa, kin raba abin da ake haɗawa. Wakilin sunan da aiki ya faɗa a kansa zaman kansa yake yi, shi ya sa ake rubuta "ya same ku", "kuka ba ni", haka ma "gare ku". Wanda ke gaban aikatau shi ma a ware yake, wato "na gode", kamar yadda ba za ki rubuta "nazo" ko "natafi" ba. Amma gajeriyar mallaka manne take da sunan da ta mallaka: lokacinku, ma'aikatarku, sunana. "Abin da" kalma biyu ce. "Ma aikata" kuwa kalma ɗaya ce da alamar hamza a tsakiya, ma'aikata, kuma rashin alamar nan a idon edita kamar rashin harafi ne cikakke.

"Akan" ya fito sau uku a jimla biyu, kuma duk ukun kuskure ne. A haɗe yana nufin abin da aka saba yi, kamar a ce akan buɗe tashar da asuba. Wanda kike nufi a rabe yake, "a kan". Ko an raba su ma, uku a jere sun yi wa kunne yawa, don haka na bar maganar ta tafi da "game da" a wuri ɗaya, na sauya ginin a sauran. Akwai kuma "bukatan aikin". Kalmar tamata ce, saboda haka "bukatar aikin" ne daidai. A maganar baka, musamman a wasu garuruwan, ana hautsina wannan kullum ba wanda ya kula, amma mai tace labarai da shi yake fara gane wanda ya zauna ya koyi ƙa'idar rubutu.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya ki duba, domin shi ne ainihin sana'ar da kike nema. Jimloli uku a wasiƙarki da Turanci kika yi tunaninsu, sannan kika jera musu kalmomin Hausa. Kadara a wurinmu fili ne, ko gida, ko shanu. Mutum ba ya cewa zai zama kadarar wani, in ma ya faɗa sai a ji wani iri. "Ƙarfin imani" kuma maganar addini ce, ba ta aiki ba. Yaƙini kike nufi. "Ina duba gaba zuwa ji daga gare ku" babu Bahaushen da ya taɓa faɗar ta a zaure, abin da muke cewa shi ne ina sauraronku, ko ina jiran amsarku. Haka "taku a gaskiya". Shugaban sashen fassara yini yake yi yana yaƙi da irin wannan a rubutun ma'aikatansa, to in ya gan ta a saƙon mai neman shiga, ya riga ya hango aikin da za ki riƙa jawo masa. Hanyar kama su mai sauƙi ce. Ki karanta wasiƙar da ƙarfi, duk jimlar da ba za ki iya faɗa wa yayarki baki da baki ba tare da ta ce "me kika ce?" ba, ki sake ta.

Jimla ɗaya ce kawai na cire gaba ɗaya, ta roƙo. Na san halin da ake ciki, na kuma san a al'adarmu roƙo cikin ladabi ba abin kunya ba ne. Sai dai duk wanda ya zauna a gabansu jiya yana son aikin, don haka faɗar hakan bai bambanta ki da kowa ba, yana ma iya sa mai karatu ya ji an ɗora masa nauyi. Wurin da ta bari ki cike shi da abu ɗaya takamaimai daga zaman. Kin ambaci shirin manoma, amma ba ki ce me kika ƙaru da shi ba. Ban kasance a wurin ba, saboda haka misali kawai zan sa, ke ki musanya da abin da aka faɗa da gaske. A ce sun yi maganar yadda rahoto ke zuwa da kilo da hekta, alhali manomi da buhu da tiya da kwano yake lissafi. Rabin jimla a kan haka ya isa ya tuna musu fuskarki cikin jerin waɗanda suka gani.

Ga yadda ta koma:

"Assalamu alaikum. Ina fata wannan saƙo ya same ku lafiya. Na gode sosai da lokacin da kuka ba ni jiya a ganawar neman aikin mai fassara. Na ƙaru ƙwarai da gaske da abin da kuka faɗa mini game da shirin manoma, musamman batun mayar da awo zuwa wanda manomi ya saba da shi. Ina da yaƙinin zan ba da gudummawa a wannan sashe idan aka ba ni dama. Ina sauraron amsarku. Na gode, wassalam."

A ƙasa sai cikakken sunanki kamar yadda yake a takardar neman aikin, da lambar wayarki.

Ki lura da abin da ban taɓa ba. Jimlar gaisuwa na bar ta yadda take, ko da yake ni da "da fatan kuna lafiya" zan buɗe. Taki ba kuskure ba ce, zaɓi ne. Na bar "sosai" da "ƙwarai da gaske" domin haka kike magana. Na kuma bar "ku" daga farko har ƙarshe, wanda kin yi daidai da kika riƙe shi, tun da ya ɗauki girmamawa ga mutum ɗaya ya kuma haɗa da sauran 'yan kwamitin. Wasu sukan fara da "ku" su zame zuwa "ka" a tsakiya, ke ba ki yi ba. "Min" na mayar "mini" don wasiƙar aiki ce kawai. Ban ƙara "ranka ya daɗe" ko kirari ba. In kina son ambaton wanda kike rubuta wa, Malam ko Hajiya da sunan ya wadatar, amma ki kwafo rubutun sunan daga imel ɗin gayyatar da suka aiko miki. Muhammad da Mohammed da Muhammadu duk suna nan, kowa kuma ya san nasa.

Kada ki bar gurbin Subject fayau. In ta imel aka gayyace ki, ki danna Reply a kan wannan saƙon, sai naki ya shiga ƙarƙashin maganar da suka riga suka sani. In sabo za ki buɗe, ki sa wani abu kamar "Godiya: ganawar aikin mai fassara, ranar Talata". Ki fara tura wa kanki gwaji ki buɗe a wata wayar, don ki tabbatar haruffan nan masu lanƙwasa sun fito ba su koma akwatuna ba. A Gmail akwai Undo Send, wanda ake iya ja har zuwa daƙiƙa 30, yana ceton mutum in ido ya faɗa kan kuskure bayan an danna.

Ki tura yau, cikin lokacin aiki. In wani uzuri ya sa ta kwana, ki tuna kalmar "jiya" ta tashi daga aiki, sai ki sa "ranar Talata" a madadinta.