Gyaran kuskure a littattafan lissafi: me ke shiga asusun saspens, me ba ya shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nake riƙe da littattafan wani shagon sarin kayan masarufi a Kano. Da na haɗa tirayal balans na ƙarshen shekara sai ɓangaren debit ya fi na kiredit da ₦117,000, na zuba bambancin a asusun saspens. Daga baya na gano abu biyu: wani kwastoma ya biya ₦45,000 amma na rubuta a ɓangaren debit na asusunsa, kuma janaretan da muka saya ₦640,000 na sa shi cikin sayen kaya. A lissafina saura ₦72,000. Wani abokin aiki ya ce in mayar da ragowar asara in rufe littafi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da maganar asarar nan tukuna, domin abin da ya rage maka ₦27,000 ne, kuma akwai kyakkyawar alamar za ka gano shi a zama ɗaya.

Mu fara da tsayar da asusun saspens ɗin da kyau. Tunda debit ne ya rinjaya, bambancin yana zaune a ɓangaren kiredit na saspens, ₦117,000, don ya cike giɓin. Wannan kuɗi ba riba ba ne, ba bashi ba ne, ba kuma kuɗin da ke cikin durowa ba ne. Kamar kayan tsintuwa ne da aka kai gidan mai unguwa: ana ajiye shi ne har a yi cigiya mai shi ya zo. Duk kuskuren da ka gano wanda ya jawo rashin daidaiton nan zai zo ya ɗauki nasa kason, har asusun ya koma sifiri.

Kafin ka rubuta kowane gyara a jonal, ka ɗauki takarda daban ka amsa tambaya uku. Me aka rubuta a zahiri, a debit da kiredit? Me ya kamata a rubuta? Wane shigarwa ne zai kai ka daga na farko zuwa na biyu? Yawancin masu rikicewa suna tsallake tambayar farko ne, su rubuta abin da ya kamata kawai, su manta cewa kuskuren yana nan zaune a leja bai tafi ko'ina ba.

Abin da ya same ka ke nan a kan kuɗin kwastoma. Mu ce ana bin sa ₦200,000 kafin ya biya. Da ya kawo ₦45,000, littafin kuɗi ya karɓa daidai a debit. Asusunsa ya kamata ya sami kiredit, bashin ya sauka zuwa ₦155,000. Da ka sa a debit sai bashin ya hau zuwa ₦245,000. Duba tazarar da ke tsakanin 245,000 da 155,000: ₦90,000 ce. Dubu arba'in da biyar na farko suna goge abin da ka rubuta ba daidai ba, na biyu kuma su ne ainihin biyan da ba a taɓa shigarwa a mazauninsa ba. Duk kuɗin da aka kai ɓangaren da ba nasa ba, ninki biyu yake ɓata ma'auni. Shigarwar jonal ita ce:

Debit: asusun saspens, ₦90,000
Kiredit: asusun kwastoma, ₦90,000
Bayani: gyaran biyan ₦45,000 da aka shigar a debit maimakon kiredit, rasit mai lamba kaza.

Kada ka raina layin bayanin nan. Bayan wata shida, kai kanka ba za ka tuna dalilin ₦90,000 ba, balle odita ko maigida. Kuma ka hanzarta wannan gyara tun kafin a aika wa mutumin nan yaro da takardar bashin da bai ci ba, domin ciniki na shekaru yana lalacewa a kan irin wannan.

Yanzu saspens ya rage ₦27,000 a kiredit. Raba shi da tara: ya ba da 3,000 cif, babu saura. Idan bambanci ya rabu da tara haka, abu na farko da akanta ke zargi shi ne an juya lambobi biyu da ke maƙwabtaka wajen kwafa. Ukun da ya fito kuma yana gaya maka tazarar da ke tsakanin lambobin biyu, wurin da ya faɗo yana nuna cewa a gurbin dubbai da dubu gomomi abin ya faru. To sai ka bi leja kana neman adadin da ke ɗauke da 14 da 41, 25 da 52, 36 da 63, 47 da 74, 58 da 85, 69 da 96, ko 03 da 30 a wannan gurbi. Tunda debit ne ya yi yawa, ɗayan biyu ne: ko an rubuta babban adadin a debit alhali ƙaramin ne gaskiya, ko an rubuta ƙaramin a kiredit alhali babban ne gaskiya. Ka riƙa gwada kowane da littafin kuɗi da rasit, kada ka dogara da leja kaɗai.

Wannan alama ce kawai, tana iya kuskurewa. Kurakurai biyu ko uku suna iya haɗuwa su ba da adadin da ya rabu da tara bisa dace. Shi ya sa ma dabarar ba ta taimake ka a farko ba: ₦117,000 haɗakar kurakurai ce, ko da yake ita ma ta rabu da tara, ba ta nuna komai a littafi. Sai da aka cire guda ɗaya ragowar ta fara magana. Idan ba ka sami juyin lamba ba, sake tara jimillar kowane shafi, musamman adadin da ake ɗauka daga ƙasan shafi zuwa saman na gaba, sannan ka duba ko akwai asusun da ke da ragowar kiredit ta ₦27,000 da aka manta ba a kwafo shi cikin tirayal balans ba, ko wani ₦13,500 da shi ma ya faɗa ɓangaren da ba nasa ba.

Mu ƙaddara ka samu cewa dizal na ₦58,000 ne, littafin kuɗi ya nuna daidai, amma a asusun man janareta an rubuta ₦85,000. Asusun man ya yi nauyi da ₦27,000, sai a sauke masa:

Debit: asusun saspens, ₦27,000
Kiredit: asusun man janareta, ₦27,000

Saspens ya buɗe da kiredit na 117,000, ya karɓi debit na 90,000 da 27,000. Ya rufe kansa, ba wanda ya tilasta masa.

Sai janareta, wanda a wurina ya fi sauran biyun muhimmanci nesa ba kusa ba, ko da yake bai taɓa tirayal balans ɗinka ko da kwabo ba. An yi debit na ₦640,000, an yi kiredit na ₦640,000 a banki, ma'auni ya zauna lafiya. Matsalar ita ce debit ɗin ya tafi gidan da ba nasa ba. Asusun sayen kaya na hajar da za a sayar ne, shinkafa da sukari da taliya. Janareta kadara ce da shago zai yi shekaru yana mora. Saboda haka saspens ba shi da hurumi a nan:

Debit: asusun injina da kayan aiki, ₦640,000
Kiredit: asusun sayen kaya, ₦640,000

Wannan ita ce ƙa'idar da nake so ka riƙe. Idan a shigarwar asali debit da kiredit ba su yi daidai da juna ba, gyaran zai bi ta saspens. Idan sun yi daidai, ko da asusun kuskure ne ko adadin kuskure ne a ɓangarorin biyu, gyaran yana tsakanin asusun da abin ya shafa ne kawai. Cinikin da aka manta gaba ɗaya, kuɗin Alhaji wane da aka rubuta a asusun wani Alhajin mai irin sunansa, takardar kaya ta ₦15,000 da aka kwafa ₦51,000 tun daga littafin farko ta bi ɓangarorin biyu a haka, duk tirayal balans ba ya ganin su. Ana kama su ne ta gwada littafi da takardar banki, da aika wa kwastomomi da dillalai bayanin asusunsu su tabbatar, da ƙirga kaya a sito.

Kafin ka kai wa maigida lissafin riba, ka bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya. Na kwastoma bai taɓa riba ba, bashin da kuke bi ne ya ragu da ₦90,000. Na dizal ya ƙara riba da ₦27,000, tunda kuɗin da aka kashe ya ragu. Na janareta ya ƙara ta da ₦640,000, amma sai ka cire ragin darajar shekara. Idan tsarinku shi ne raba kuɗin inji a kan shekara biyar, kuma kuna lissafa cikakkiyar shekara, ₦128,000 ke nan: debit a asusun ragin daraja na shekara, kiredit a asusun ragin da aka tara. Ribar gaskiya ta fi wadda ka fara fitarwa da ₦539,000. Da ka bi shawarar abokin aikinka ka zubar da ₦72,000, da littafin ma bai rufe daidai ba, domin ragowar kiredit ce, share ta ƙara riba yake yi, ba asara yake jawowa ba. Bayan haka asusun man janareta zai ci gaba da ɗauke da ƙarya.

Ban ce ba a taɓa share ragowar saspens ba. Idan an bincika iyakar bincike ya rage ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ana iya kai shi asusun riba da asara, da sanin maigida da sa hannunsa. Amma ƙanƙantar adadi ba hujja ba ce ita kaɗai: ₦2,000 tana iya zama kuskuren ₦300,000 a debit da na ₦298,000 a kiredit da suka rufa wa juna asiri. Kuma akantan da ya saba share bambanci ba bincike, ya buɗe ƙofar da wani zai iya bi ya ɗebi kuɗi ba a gane ba. Haka nan kada ka goge adadi a leja ko ka shafe shi da farin ruwa, ko da ka tabbata kana da gaskiya. A bar kuskuren a gan shi, a ga gyaransa da kwanan wata da lambar jonal.

Idan wata rana kuka koma manhaja irin QuickBooks ko Sage, ba za ta karɓi shigarwar da ɓangarorinta ba su daidaita ba, don haka irin giɓin ₦117,000 zai yi wuya. Saspens zai ci gaba da aiki ta wata fuskar da ka riga ka sani: alat ya shigo da sunan da ba wanda ya gane, saboda kwastoma ya tura ta hannun mai POS ko asusun ƙaninsa. Sai ka yi debit a banki, kiredit a saspens, ka rubuta rana da sunan da ya fito a alat ɗin. Ranar da mai kuɗin ya bayyana da shaidar turawa, ka yi debit a saspens, kiredit a asusunsa. Ka riƙa bin waɗannan duk ƙarshen wata, kowane kuɗi a layinsa, kada su taru su zama dunƙule ɗaya.

Duk gyaran da na lissafa na shekarar da ba a rufe ba ne. Idan a cikin bincikenka ka ci karo da babban kuskure na bara, bayan an riga an fitar da riba, kada ka cusa shi cikin kuɗin shiga ko kashewar bana. Ɓangaren da ya shafi riba ana kai shi asusun jarin maigida ne, ko ribar da aka tara idan kamfani ne, kuma idan an riga an kai wa hukumar haraji lissafin baran, ka sanar da wanda ke shirya muku takardun haraji kafin ka shigar da shi.