Riba ta hau amma takardata ta faɗi, ina kuɗina suka tafi?

"Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, shekarun baya na sayi takardar lamuni ta gwamnatin tarayya ta miliyan ɗaya, ana ba ni kashi 12 a shekara, saura shekara 3 ta cika. Yanzu ina son kuɗina in ƙaro kaya, dillali ya ce dubu 830 da 'yan kai za a saya, wai saboda riba ta tashi a kasuwa. To riba ta tashi kuma kayana su faɗi? Ko dai cuta ta ake so a yi?"

Alhaji barkanka dai, ba cuta ba ce, na buga lissafin kuma farashin da ya faɗa maka yana kan hanya.

Ka ɗauka shago ne da kai wanda ka sa ɗan haya aka rubuta yarjejeniya, dubu 120 duk shekara, ba ƙari ba ragi har wa'adi ya cika. Takardar nan haka take, dubu 120 ɗin an buga mata hatimi tun ranar da aka fitar da ita, ita ce za ka ga an rubuta Coupon a manhajar dillalinka, ba ta motsi. Wanda ke motsi shi ne Yield, wato abin da mai saye a YAU zai ci idan aka auna da kuɗin da ya zuba, shi kuma ya danganta ne da nawa ya saya. Nan ne mutane suke rikicewa don duka biyun riba muke ce musu.

To a 2024 Babban Bankin Najeriya ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa, daga 18.75 har 27.5 cikin ɗari kafin shekarar ta ƙare, sabbin takardun da gwamnati ke fitarwa ma dole suka bi sahu. Mu ƙaddara sabuwa tana ba da kashi 20. Ni mai miliyan ɗaya a hannu, ga sabuwa za ta ba ni dubu 200 a shekara ga taka mai dubu 120, don Allah wace zan ɗauka? Kai ma ka sani. Ba ka da ikon ƙara hayar, abu ɗaya ya rage a hannunka shi ne ka sassauta farashi har cinikin ya yi daidai da sabuwar.

Wanda ya saya a kusan dubu 831 zai riƙa karɓar dubu 120 duk shekara har shekara uku, sannan ranar cika wa'adi gwamnati miliyan ɗaya cur za ta ba shi ba dubu 831 ba, ka ga akwai wata dubu 169 a sama, in ka haɗa su biyun shi ne ya kai shi kashi 20 a shekara. Ashe faɗuwar farashinka ita ce hawan ribarsa, abu ɗaya ne, kai kana kallo daga cikin shago shi yana kallo daga waje. In kuma kasuwa ta juyo sabbin suka koma kashi 8, takardar taka ce za ta zama amarya, sai an ba ka wajen miliyan ɗaya da dubu 103, mai sayen kuma ribarsa ta ragu tunda ya saya da tsada.

Ka ma gode Allah shekara 3 ta rage. Da saura shekara ɗaya ce wajen dubu 933 za ka samu, da kuwa 10 ce to wajen dubu 665, saboda mai saye zai daɗe yana haƙuri da ƙaramar haya, dole ka biya shi ladan haƙurin. Masu Sukuk ma da suka kauce wa kuɗin ruwa wannan bai bar su ba, hayar a tsaye take, farashi ne ke hawa da sauka.

Sai dai ba kullum Babban Banki ne sanadi ba, wani lokacin tsoro ne, mutane na shakkar mai bashin zai iya biya, kamar Ghana a ƙarshen 2022 da gwamnati ta ce a zo a musanya tsofaffin takardu da sababbi masu ƙaramar riba. Yadda za ka bambance, ka duba in duk takardun kasuwa sun sauka tare bayan an ɗaga kuɗin ruwa to iska ce ta kowa, in kuwa ta kamfani ɗaya ce ko jiha ɗaya ta rufta ita kaɗai, ka bincika da kyau.

Batun sayarwa kuma, in ka riƙe har ƙarshe miliyan ɗinka na nan da dubu 360 na haya, sai dai tsadar kaya tana cin darajarsu a hankali. Ni dai abin da zan auna guda ne, dubu 831 ɗin nan in ka juya ta a atamfa da shadda za ta kawo maka sama da kashi 20 a shekara bayan ka cire kuɗin mota da bashin da ba ya dawowa? In eh ka sayar, amma ka fara tambayar dillalin nawa ne kamashonsa, kuma ko ya lissafa maka hayar da ta taru tun biyan ƙarshe, don wannan haƙƙinka ne mai saye ke biya.