An rubuta "Completed", amma kuɗi ba su shiga ba

"Yaya, kuɗin rajistar makarantar da ka turo min, hoton ya nuna Completed, amma yau kwana huɗu shiru. Na je banki da lambar, sun ce ba su san ta ba. Ko za ka sake turowa kafin wa'adi ya cika?"

Ƙanena, ba zan sake turo ko sisi ba. Kuɗin nan na aikin dare ne, kuma ba ɓata suka yi ba, wani wuri suka maƙale.

Bankin bai yi maka ƙarya ba. Kamfanin da na yi aike ta hannunsa ba shi ke zuba kuɗi a asusunka ba, yana da abokin hulɗa a can wanda ke biya a madadinsa. Sau da yawa wannan Completed ɗin na nufin kamfanin ya miƙa wa abokin hulɗar, ya kakkaɓe hannunsa. Lambar da ke kan hoton ta kamfanin ce, a littafinsu kaɗai take da amfani.

Gobe ka koma, ka nemi a buga maka bayanin asusunka daga ranar da na tura zuwa yau. Kada ka dogara da saƙon waya, wani lokaci kuɗi na shiga bai zo ba. Ka duba adadin da kyau, domin kuɗin kan shigo da sunan abokin hulɗar nan, ba da sunana ba.

In babu, ka ɗauko min hoton takardar. Ni zan kai ƙorafi wurin kamfanin, don ni ne mai hulɗa da su, kai ba za su saurare ka ba. Da lambar tasu zan nemi shaidar biya: sunan wanda ya biya, rana da lokaci, da lambar cinikin da ta bi kuɗin zuwa bankinka. Da banki zuwa banki na tura ta SWIFT, takardar shaidar biya zan karɓa, mai ɗauke da lambar bin sawun kuɗi da ake kira UETR, haruffa da lambobi 36. Irin wannan lambar za ka kai wa bankinka, a rubuce, ka kuma karɓi lambar ƙorafi kafin ka bar wurin.

Ya taɓa faruwa da ni shekarar da na zo. Kwana goma sha ɗaya ana jifa da ni tsakanin kamfani da banki, Inna kuma ta fara zaton ban tura ba, abin da har yau yake min ciwo. Ashe sunanta a asusu ya sha bamban da wanda na rubuta, sai bankin ya ajiye kuɗin a asusun jira. Ranar da aka kai lambar cinikin, a ranar aka gano su.

Don haka turo min sunanka yadda yake a banki, harafi da harafi, in gwada da abin da na cika. Kuma ka daina yawo da hoton nan a waya, duk wanda ya kira ka ya ce zai fito maka da kuɗin in ka ba shi lambar sirri, kashe wayar.