Me ya sa jadawalin z ya ba ni 0.4082?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Yaya. Na ci maki 74, matsakaicin aji 62 ne, σ kuma 9. Na duba hoton jadawalin z da aka turo, na samu 0.4082. Yaya za a yi na fi matsakaici amma in kasance a fasantail na 41?"

Amsa, kamar yadda aka rubuto ta daga saƙon murya:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Lissafinki bai ɓaci ba, kuma gidan da kika duba shi ne daidai. Idan aka cire 62 daga 74 saura 12, a raba da σ, wato ma'aunin yadda maki suka bazu, wanda shi ne 9, a samu 1.333, wannan shi ne z ɗinki, sai a taƙaita zuwa 1.33, domin jadawalin da ake bugawa lamba biyu kawai yake ɗauka bayan ɗigo. An nemi 1.3 a gefen hagu, an nemi 0.03 a sama, inda suka haɗu nan amsar take. Abin da ya rage shi ne sanin irin jadawalin da ke hannunki, domin ba iri ɗaya ake bugawa ba.

Ki koma kan hoton, ki dubi gida na farko, wato inda z yake 0.00. Idan an rubuta 0.5000 kuma lambobin suna ƙaruwa daga nan, jadawalin yana ƙirga duk wanda ke ƙasa da makinki ne, tun daga can ƙarshen hagu, kuma lambar da kika gani ita ce amsa kai tsaye. Idan kuwa 0.0000 aka rubuta, to daga tsakiya yake fara ƙirge, ya bar rabin mutanen da ke ƙasa da matsakaici bai sa su ba. Naki irin na biyun ne. Saboda haka sai ki mayar masa da rabin da ya bari: 0.5000 a haɗa da 0.4082 ya zama 0.9082. A ninka da 100, kina wajen fasantail na 91, ma'ana cikin kowane mutum ɗari kimanin 91 suna ƙasa da ke. Yawanci akwai ɗan zane mai siffar ƙararrawa a saman shafin, wanda aka duhunta ɓangaren da ake ƙirgawa, amma masu ɗaukar hoto sun fi yanke shi, alhali shi ne ke faɗin komai. Ina roƙon duk wanda zai turo jadawali nan gaba ya bar zanen a ciki.

Shi hoton kansa yana da tasa matsalar. Shafin littafi yakan lanƙwashe kusa da ɗinki, waya kuma takan karkace, sai ido ya fara a layin 1.3 ya zame zuwa na sama ko na ƙasa ba tare da mai karatu ya sani ba. A jadawali mai farawa da 0.5000, zamewa sama za ta ba ki 0.8907, zamewa ƙasa kuma 0.9236, wato fasantail na 89 ko na 92 a maimakon 91. Idan kin ƙara girman hoton har lambobin gefe sun ɓace, ki riƙa bin layin gida bayan gida kina ƙirgawa, kina tuna cewa gidan farko 0.00 ne, don haka 0.03 shi ne na huɗu, ba na uku ba. Lambobin dole su riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan daga hagu zuwa dama. A layin 1.3 na jadawalinki, maƙwabtan 0.4082 su ne 0.4066 da 0.4099. Duk lambar da ta yi dishi-dishi, har kika kasa bambance 3 da 8, maƙwabtanta za su nuna miki ita, domin tilas ta faɗa tsakaninsu.

Ga wanda makinsa ke ƙasa da matsakaici kuma, a ce 55, z ɗinsa zai zama −0.78. Masu jadawali da yawa ba sa buga shafin lambobi masu alamar ragi, tunda ɓangarorin biyu daidai suke da juna. A irin naki, sai a duba 0.78 a samu 0.2823, amma wannan karon cirewa za a yi daga 0.5000, a samu 0.2177, wato fasantail na 22. Gwaji mai sauƙi shi ne wanda kika yi da kanki ba tare da kin lura ba: z mai alamar ragi ba zai taɓa kai mutum sama da 50 ba, marar alamar kuma ba zai sauke shi ƙasa da 50 ba.

Sai dai ki riƙe 91 ɗin nan a matsayin ƙiyasi. Jadawalin yana ɗauka cewa makin ajin ya bazu ne da siffar ƙararrawa, mafi yawa a tsakiya, gefe biyu kuma daidai. Idan ajin ƙarami ne, ko jarrabawar ta yi sauƙi har mutane suka taru a sama, ainihin matsayinki zai iya bambanta. In jerin makin kowa yana hannu, ki ƙirga waɗanda ke ƙasa da 74 ki raba da yawan ajin, wannan ya fi jadawalin inganci.