An biya kuɗin Zoom, amma taro ya yanke a minti 40

"Oga, jiya taron ƙungiyar nan ya yanke ana tsakiyar jawabi, alhali sakatarensu ya rantse mini sun biya kuɗin Zoom na wata. Na ma ba shi Host da ya shigo, duk da haka ya mutu. Yanzu suna son horo na awa biyu kowace Asabar, mutum 140, kuma a naɗa. Ina na kuskure, kuma me zan ce su saya?"

Sakataren gaskiya ya faɗa maka, sun biya. Matsalar tana wajen asusun da ka haɗa taron da shi. Na duba laftof ɗin shago da safen nan, asusunmu na kyauta ne a buɗe, kuma da shi ka tsara taron ka tura musu linki. A Zoom, iyakar lokaci da ta yawan mutane suna bin asusun da ya ƙirƙiri taron ne. Wanda ya shigo daga baya, ko lasisin shekara goma yake da shi, baƙo ne kawai. Shi ya sa miƙa masa Host bai yi amfani ba: ka ba shi ikon kashe makirufon mutane da korar mai hayaniya, amma taron yana nan a kan tsarin kyauta da aka buɗe shi da shi. Da a ce shi ne ya tsara taron da asusunsa mai lasisi, sannan ya miƙa maka Host ya fita, da taron ya ci gaba lafiya lau ko da naka asusun na kyauta ne.

Don haka kafin ka tura wa kowa linki, ka shiga asusun ta burauza, ka buɗe Profile, ka dubi abin da aka rubuta a gaban nau'in lasisi. In ka ga Basic, minti 40 ke gare ka. In ka ga Licensed, taro zai iya kai awa 30. Kada ka tsaya a kan rasit ɗin biya da kwastoma ya nuna maka. Sau da yawa ƙungiya tana da mutum uku ko huɗu a ƙarƙashin asusu ɗaya, lasisi kuma guda ɗaya aka saya, yana manne da imel ɗin shugaba, sakatare kuwa yana nan a Basic bai sani ba. Wani lokacin kuma katin banki ne ya ƙi biya da wata ya zagayo, asusun ya koma na kyauta, saƙon gargaɗin yana kwance a imel ɗin da ba wanda ke buɗewa. Ni duk taron da aka ba ni, daren da ya gabace shi nake duba wannan layin, ko da makon jiya na duba.

Akwai alamar da ka gani jiya ba ka gane ta ba. Idan saura minti goma, Zoom na kyauta yana nuna ƙidayar lokaci a saman allo. Da zarar ka ga wannan agogon, ka san taron a Basic yake, sai ka rubuta wa mai jawabi ya tsaya a gaɓa mai kyau, ka sanar da mutane su sake shigowa ta linkin. Kuma ka tuna agogon ba ya jiran mai jawabi. Kai ka buɗe ɗaki ƙarfe goma saura kwata don gwada sauti, mutane suka fara shigowa ana gaisawa, aka yi addu'ar buɗewa, aka gabatar da manyan baƙi. Kafin malamin ya kama magana an cinye fiye da rabin lokacin. A da, in mutum biyu ne kacal, Zoom na kyauta ba ya yankewa, amma tun 2022 aka sa musu minti 40 su ma, saboda haka kada wani ya ruɗe ka da tsohon labari.

Za ka ji masu cewa ai ba sai an biya ba, in ya yanke a sake shiga. Ga hirar mutum biyar wannan dabarar tana aiki. Ga horo na awa biyu kuwa, aƙalla sau biyu zai yanke, kuma kowane yankewa sai ka rasa wasu. Dattijon da ɗansa ya shigar da shi ya tafi kasuwa ba zai dawo ba, haka mai raunin sabis da ya sha wuya kafin ya shiga karon farko. Ba na yi wa kwastoma wannan aikin da sunan shagona.

To, ga inda nake so ka buɗe kunne, domin a nan ne za ka sake faɗawa rami ranar Asabar. Lasisin Pro da suka saya ya cire musu iyakar minti 40, amma bai ƙara musu ko mutum ɗaya ba. Basic mutum 100 ne, Pro ma mutum 100 ne. Kuma abin da ake ƙirgawa na'ura ce, har da taka. Laftof ɗinka ɗaya, wayarka da kake sauraron sauti da ita biyu, malamin da ya shigo da kwamfuta don nuna darasi da waya don magana ya cinye kujera biyu. Kafin ɗalibi na farko ya shigo an ci huɗu. Na 101 zai ga saƙo cewa taro ya cika, ya sake gwadawa daga baya, kai kuma a ciki ba abin da zai nuna maka, sai wayarka ta fara ƙara. Na taɓa zama a irin wannan, shekarun baya, taron wata ƙungiyar malamai. Ina kallon adadin ya tsaya cak a 100 ina jin daɗi an cika, ashe babban baƙon da aka shirya taron dominsa yana waje, sabis ya fitar da shi, wani ya maye gurbinsa. Sai da na roƙi mutum biyu suka fita kafin ya samu shiga. Har yau in na tuna fuskar mai taron raina yana ɓaci.

Mutum 140 da aka gayyata ba lallai su zo duka ba, amma ba za ka gina aiki a kan fatan kada mutane su zo ba. Ka tambayi sakataren mutum nawa suka halarta a tarukansu na baya. In ba su taɓa wuce saba'in ba, Pro ya ishe su, ka dai gaya musu iyakar a rubuce. In horo ne da ake ɗaukar suna ana ba da takarda, za su zo, kuma dole a ƙara wuri. Hanya ɗaya ita ce su koma tsarin Business, wanda ke ɗaukar mutum 300. Ɗayar ita ce su bar Pro ɗinsu su ƙara masa Large Meeting, wanda ke kai taro mutum 500 ko 1,000, kuma ana iya sayensa wata-wata. Ga horon da zai ƙare cikin wata biyu, na biyun nake fara dubawa, don ana gamawa sai a soke shi. Shi ma sai an manna shi a kan mai lasisin da zai tsara taron, in ba haka ba ka biya kuɗi ka zauna a 100. Akwai kuma hanya mai sauƙin kuɗi idan yawancinsu sauraro kawai za su yi: Pro yana ba da damar watsa taron kai tsaye zuwa YouTube ko Facebook, masu magana su shiga Zoom, saura su kalla a can.

Za su tambaye ka Google Meet, don kowa yana da Gmail. Na kyautarsa minti 60 ne in mutum uku ne ko fiye, mutum 100, kuma babu naɗi. Teams na kyauta ma minti 60 ne da mutum 100. Ko ɗaya ba ya warware matsalarsu ba tare da biya ba. In suka ce za su biya Meet, ka kula: Business Starter mutum 100 ne, Business Standard ne ke da 150 tare da naɗi zuwa Drive. Mutum 140 a ɗakin 150 ya yi mini matsi da yawa.

Saura naɗi. A Zoom iri biyu ne, kuma za ka gan su in ka danna Record a asusu mai lasisi: Record on this Computer da Record to the Cloud. Na farko yana aiki har a asusun kyauta, amma a kwamfuta kaɗai, waya ba ta yin sa. Ba shi da iyaka sai girman abin da kwamfutarka za ta ɗauka. Haɗarinsa shi ne fayil ɗin ba ya zama bidiyo sai an rufe taro, sannan Zoom ya fara juya shi zuwa mp4, kuma na awa biyu yana ɗaukar lokaci. A nan yara ke yin ɓarna: taro ya tashi, an kashe janareta, sai a rufe laftof a jefa a jaka. In hakan ta faru kada ka goge komai. Ka shiga Documents, ka buɗe Zoom, ka nemi jakar ranar, za ka ga fayil mai suna da ya fara da double_click_to_convert. Ka danna shi sau biyu, ka bar laftof a caji har ya gama.

Na biyun a rumbun kamfanin yake ajiyewa, don haka ko wuta ta ɗauke maka ko sabis ya fitar da kai, muddin taron na ci gaba naɗin na ci gaba. Shi nake so ga taron da ba za a iya maimaitawa ba. Amma wurin ajiyar kaɗan ne. A baya gigabait 5 aka riƙa ba kowane lasisin Pro, kuma irin wannan adadin kamfani yana sauya shi, saboda haka ka karanta abin da shafin asusunsu ya nuna kafin ka yi alkawari. Abin da ke cinye wurin da sauri shi ne taro ɗaya yana iya haifar da fayil uku ko huɗu: na mai magana, na fuskokin kowa a jere, na allon darasi, da na sauti zalla. Ka shiga Settings, ɓangaren Recording, ka bar na mai magana haɗe da allon darasi, da na sauti don masu ƙarancin data, ka cire sauran.

Bayan Asabar ta farko ka dubi girman abin da aka naɗa, shi ne ma'auninka. Mu ce ya tashi gigabait ɗaya. In wurinsu 5 ne, mako na huɗu kun kai kashi 80 cikin ɗari, inda Zoom ke tura wa mai asusun imel na gargaɗi, mako na biyar ya cika. Naɗin da ke gudana ba ya yankewa don wuri ya cika, zai kai ƙarshe, amma na mako na shida ne ba za ka samu ba, kuma sai an zauna malami ya fara za ka gane. Saboda haka kowace Lahadi ka sauke fayil ɗin, ka buɗe shi ka ja zuwa tsakiya da ƙarshe ka tabbatar akwai sauti, ka kwafa a filashi biyu, ɗaya namu ɗaya nasu, sannan ka goge na rumbun. Wanda ka goge bisa kuskure yana zama a Trash kwana 30.

Yau da yamma ka kira sakataren ya zo shago da imel ɗin da lasisin yake kai. A gabanka zai shiga, ka ga Licensed da idonka, ka ga adadin mutanen da aka rubuta, ku tsara taron daga nan, ka tura sabon linki tare da saƙon cewa tsohon ya daina aiki. Ranar Juma'a ku buɗe taron gwaji da waya biyu, ku bar shi ya wuce minti 45 kana sauran aikinka. Ni ma zan shigo daga gida in ji sautin.