Takardar Tura Mai Toshewar Hanji zuwa Likitan Tiyata

"Ina aiki a asibitin sha-ka-tafi a Anka. Dattijo ne cikinsa ya kumbura, yana amai. Me zan rubuta wa likitan tiyata a Gusau?"

Likita, fara da lokaci: yaushe ciwon ya soma, yaushe rabonsa da bayan gida da tusa. Faɗi launin aman, domin kore ko mai warin kashi yana nuna toshewa. Duba matsematsinsa, ƙaba da ta maƙale ake yawan mantawa, sannan tabon tsohuwar tiyata. Rubuta bugun jini, zafin jiki, yawan fitsari, da ruwan da ka ɗaura, lita nawa, ƙarfe nawa. Kada a ba shi abinci ko maganin sa zawo. In ciki ya ƙame kamar katako, wataƙila hanjin ya shaƙe. Kira likitan a waya tun kafin mota ta tashi.