Yadda ake rubuta matakin gyara da na rigakafi bayan wuta

Tambaya: Rufin shagonmu ya kama wuta wajen walda. Na rubuta "a riƙa kulawa" a rahoto, aka dawo min da shi. Me ya rage?

Amsa: Malam, "a riƙa kulawa" ba wanda zai iya dubawa ya ce an yi ko ba a yi ba. Gyara shi ne: shugaban masu walda zai kwashe katako da kwalin da ke kusa da wurin walda kafin Juma'a, 14 ga wata. Rigakafi kuma: mai kula da shago zai kafa dokar cewa ba a fara walda sai an ajiye abin kashe gobara a gefe, kuma wani ya tsaya gadi minti 30 bayan an gama, daga Litinin. Mutum ɗaya za ka ɗora wa kowane aiki. In ka rubuta "ma'aikata", kowa zai zuba wa ɗan'uwansa ido.